Faifai mai juyawa da ƙwayoyi biyu a kan sanda: amsar 4 ce ko 6.3?

Hauwa'u: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu fiziks ku taimaka, tun jiya da daddare wannan tambayar ta hana ni sakat. Faifai ne a kwance yana juyawa a kan gindinsa, babu gogayya. An ɗaure wata siririyar sandar ƙarfe a kansa, ta ratsa tsakiyarsa. A jikin sandar an zura ƙwayoyi biyu masu huda irin na carbi, ɗaya dama ɗaya hagu, kowacce nauyinta 0.2 kg. Da farko zare ya riƙe su a nisan 0.1 m daga tsakiya. Inashiyar faifan haɗe da sandar 0.036 kg·m² ce, kuma yana juyawa da radiyan 10 a sakan. Sai zaren ya tsinke, ƙwayoyin suka sulale waje har nisan 0.4 m. Ana so a nemo saurin juyin faifan a wannan lokacin. Ni na samu 6.3, ƙawata ta samu 4, kuma kowaccenmu ta kafe a kan nata.

Aminu Tudun Wada: Wa'alaikumus salam. Naki ne daidai. Tunda an ce babu gogayya, babu inda enaji zai tafi. Inashiyar farko ita ce 0.036 + 2(0.2)(0.1)² = 0.040, ta ƙarshe kuma 0.036 + 2(0.2)(0.4)² = 0.100. Enajin farko ½(0.040)(10)² = 2 J. Ki daidaita shi da ½(0.100)ω², za ki ga ω² = 40, wato ω = 6.3. Shi ke nan.

Hauwa'u: Yauwa, haka na bi sak. Amma ita ta ce momentom na juyi ake riƙewa, ba enaji ba. Na ce mata ai duka biyun ba sa canzawa, to me zai sa su ba da amsa biyu?

Malam Sani: Wa'alaikumus salam. Hauwa'u, ƙawarki ce ta yi daidai, amsar 4 ce. Amma tambayar da kika yi mata ta fi amsar muhimmanci, don haka kada ki goge lissafinki tukuna.

Mu fara da abin da ya sa ake riƙe momentom na juyi. Ki ɗauki faifan da sandar da ƙwayoyin biyu a matsayin abu ɗaya. Me ke taɓa su daga waje? Nauyi yana jan su ƙasa, gindin yana riƙe su. Babu ko ɗaya a cikin waɗannan da zai iya murɗa su ta fuskar da suke juyawa. Nauyi ƙasa yake ja, daidai da layin gindin, shi kuma gindin a tsakiya yake riƙo kuma an ce ba ya goga. Tunda babu mai murɗa su daga waje, momentom na juyi, wato Iω, inashiya sau saurin juyi, zai tsaya a yadda yake komai ƙwayoyin suka yi a ciki. Da farko Iω = (0.040)(10) = 0.4. Da suka kai 0.4 m inashiya ta zama 0.100, sai 0.100ω = 0.4, ω = 4.

Aminu, inashiyoyinka biyu daidai suke, kuma gaskiyarka enaji bai ɓata ba. Amma ga tambaya gare ka. A daidai lokacin da ƙwayar ta iso 0.4 m, tsaye take a jikin sandar ko tafiya take yi?

Aminu Tudun Wada: Tana juyawa tare da sandar mana, Malam.

Malam Sani: Tana juyawa, na yarda. Ban da juyawar fa? Ka tuna daga 0.1 ta taso, kuma babu abin da ya tare ta a hanya.

Zainab A.: Malam, ina ganin na gano inda kake nufi. Ƙwayar tana da gudu iri biyu a lokaci guda. Akwai na zagaye, wanda sandar ke ɗauke da ita, akwai kuma na sulalewa waje a tsawon sandar. Shi ½Iω² na zagayen kawai ya ƙirga. Aminu ya zuba duka jul 2 ɗin a cikin zagaye, alhali wani kaso yana cikin sulalewar.

Malam Sani: Madalla, Zainab. Ƙarasa mana lissafin.

Zainab A.: Idan ω = 4, enajin juyi ½(0.100)(4)² = 0.8 J. An fara da 2, saura 1.2 J. Wannan ragowar ita ce ta sulalewar ƙwayoyin biyu. Nauyinsu a haɗe 0.4 kg, don haka ½(0.4)v² = 1.2, v² = 6, v ya kama kusan mita 2.45 a sakan. Ke nan sama da rabin enajin yana cikin gudun da Aminu bai ƙirga ba.

Hauwa'u: Allah Sarki. Wallahi ban taɓa kawo wannan gudun a raina ba, ni a zanen da na yi ƙwayoyin a zaune suke a wuri biyu, farko da ƙarshe. To amma shi momentom na juyi me ya sa bai damu da sulalewar ba? Ai shi ma ya kamata a saka masa ita.

Zainab A.: Saboda sulalewar kai tsaye take nisantar tsakiya, ba ta zagaya shi. Idan kika tsaya a tsakiyar fili wani ya ruga yana nisantarki a miƙe, ba ki buƙatar juya wuya don ki bi shi da ido. Momentom na juyi gudun da ke sa ki juya wuya kawai yake gani. Enaji kuwa ba ruwansa da fuska, kowane gudu ƙirga shi yake yi.

Aminu Tudun Wada: Na karɓi wannan. Amma a irin tambayoyin da nake gani, sau da yawa akwai matoshi a bakin sandar da ke tare ƙwayoyin. Idan sun tsaya a nan babu sauran sulalewa, v ya zama sifili. To sai enajin ya koma cikin juyi, mu dawo 6.3 ɗina. Ko ba haka ba?

Malam Sani: Ba haka ba, kuma nan ne dalibai da yawa ke faɗawa. Ka kalli bugun da ƙwayar za ta yi wa matoshin. A tsawon sandar take bugunsa, wato layin bugun ya bi ta tsakiyar faifan. Ƙarfin da layinsa ya ratsa tsakiya ba ya murɗa komai, kamar ka tura ƙofa ta gefenta kana nufar hinjinta, ba za ta buɗe ba. Kuma ko da ya murɗa, bugun na cikin gida ne, ƙwaya da matoshi duk 'yan tarin da muka haɗa ne. Saboda haka Iω yana nan 0.4, inashiya tana nan 0.100, ω yana nan 4. Jul 1.2 ɗin nan kuwa ya tafi a ƙarar da za ka ji da ɗan ɗumin da ƙarfen zai yi. Idan matoshin na roba ne mai tsalle, ƙwayoyin za su dawo ciki, faifan ya ƙara sauri, su sake fita ya rage. A kowane nisa dai saurin ɗaya ne, ko fita suke yi ko dawowa.

Aminu Tudun Wada: Wato babu wata hanya da 6.3 zai fito?

Malam Sani: Sai wani daga waje ya ƙara wa faifan murɗa. Duba, 0.100 sau 6.3 ya ba da 0.63, mu kuma 0.4 muka fara da shi. Daga ina ƙarin ya zo? Wannan ita ce hanyar da za ka kama kanka a ɗakin jarrabawa. Duk amsar da ka samu, ka ninka ta da inashiyar ƙarshe ka ga ko ta dawo maka da abin da ka fara da shi.

Oga Ɗanladi: Salamu alaikum. Ni ba ɗan boko ba ne sosai, injinan niƙa da janareta na dizal nake gyarawa, yarona ne ya saka ni a nan. Amma abin nan da kuke faɗa ina ganinsa kullum a cikin gwamnan inji. Akwai ƙarafa masu nauyi a ciki, idan inji ya ɗau wuta sai su buɗe waje. Kuma a iya sanina sauri ne ke buɗe su. To yaya za ku ce suna buɗewa sauri na raguwa? Ni dai gani nake an juya maganar.

Malam Sani: Barka da zuwa, Oga Ɗanladi. Ba a juya ta ba, abu biyu ne. A gwamna, inji ne ke juya shaf ɗin, kuma ƙarafan ba su kai komai ba idan aka gwada su da filawil. Sauri ya ƙaru, su buɗe su danne sifirin, su ja sandar da ke rage mai, sai injin ya sauko. Raguwar saurin a can daga rage man take zuwa. Faifan Hauwa'u kuwa babu inji, babu mai, babu sifirin. An wulwula shi ne sau ɗaya aka sake shi. Abin da aka ba shi da farko shi ke nan gare shi, idan ƙwayoyi suka ɗebi kaso mai yawa dole nasa ya ragu.

Oga Ɗanladi: To na gane. Kamar a kashe inji a bar filawil yana juyi shi kaɗai. Amma da a ce akwai mota, wato injin juyawa, a ƙarƙashin faifan tana riƙe shi a kan gudu ɗaya fa?

Injiniya Bello: Wannan tambayar ta Oga tana da kyau, domin ita ma tana fitowa a jarrabawa kuma mutane na cakuɗa su. Idan mota ta riƙe ω a kan 10, ba a maganar riƙe momentom na juyi kuma, motar tana ƙara shi. A nan nisan ƙwayar yana bin r = 0.1 cosh(10t), ta kai 0.4 m cikin kusan sakan 0.21, tana sulalewa da kusan mita 3.9 a sakan, gudun zagayenta kuma mita 4 a sakan. Enajin ƙwayoyin biyu ya tashi daga 0.2 J zuwa 6.2 J, kuma wannan jul 6 ɗin motar ce ta biya. Don haka abu na farko da nake dubawa a irin wannan tambaya shi ne, an ce faifan a sake yake ko an ce ana juya shi da sauri ɗaya? Kalma ɗaya ce ke raba su, amma lissafin bai haɗa hanya ba.

Hauwa'u: Tawa a sake yake, Injiniya. Amma har yanzu akwai abin da ke damuna. Lissafin na yarda da shi. Abin da ban gani da idona ba shi ne, wa ya taka wa faifan birki? Babu gogayya, babu hannun kowa. Abu ba ya rage gudu haka kawai don wata doka ta ce ya rage.

Malam Sani: Wannan ita ce tambayar da nake jira. Ƙwayoyin ne suka taka masa birki, kuma za ki iya ganin haka da lambobin da ke hannunki.

A nisan 0.1 m, ƙwayar tana zagaye da ωr = mita 1 a sakan. A nisan 0.4 m, duk da faifan ya sauko zuwa 4, gudun zagayenta ya zama 4 × 0.4 = mita 1.6 a sakan. Ya ƙaru ke nan. Wa ya ƙara mata? Sandar. Duk lokacin da ƙwayar ta matsa waje, ta shiga wani sashe na sandar da ya fi ta gudu, sai sandar ta tura ta ta gefe don ta ɗauke ta. Ita kuma ƙwayar tana mayar wa sandar da wannan turin ta baya, daidai gwargwado. Wannan turin na baya, a nesa da tsakiya, shi ne birkin.

Ki raba 0.4 ɗin nan gida biyu ki gani. Da farko faifai da sanda suna riƙe da 0.36, ƙwayoyin biyu 0.04 kacal. A ƙarshe faifai da sanda sun koma 0.036 × 4 = 0.144, ƙwayoyin sun haura 0.064 × 4 = 0.256. Abin da faifai ya rasa, 0.216, shi ne daidai abin da ƙwayoyin suka samu. Ta wannan turin na gefe aka miƙa shi daga hannu zuwa hannu.

Hauwa'u: Yanzu kam ya zauna. Ashe sandar da aka ce ba ta da gogayya tana iya turi, ta gefe ne kawai, ba ta tsawonta ba.

Musa Kaduna: Ni kuma na samu 0.625 fa. Ai dokar ita ce sauri yana raguwa da murabba'in nisa. Nisa ya ninka 4, sauri ya ragu sau 16, 10 a raba 16.

Zainab A.: Musa, ka jefar da faifan. Wannan dokar taka tana aiki ne idan faifan da sandar ba su da nauyin komai, ƙwayoyin ne kaɗai ke da inashiya. A nan da farko faifan ne ke da kashi 9 cikin 10 na inashiyar. Cikakkiyar ita ce ω = 0.4 / (0.036 + 0.4r²). Saka r = 0.2 ka samu kusan 7.7, saka 0.3 ka samu kusan 5.6, saka 0.4 ka samu 4. Ka lura a 0.2, nisa ya ninka biyu amma sauri bai ko sauka zuwa rabi ba, domin har lokacin faifan ne babba. Sai a 0.3 inashiyar ƙwayoyin ta yi daidai da tasa.

Musa Kaduna: Na ga kuskuren. Na gode, Zainab.

Aminu Tudun Wada: Ina da wata. A ce babu matoshi, sandar a 0.4 m ta ƙare, ƙwayoyin suka fice suka faɗi. Yanzu inashiya ta koma 0.036. To ω = 0.4 / 0.036 = 11.1. Faifan ya ma fi yadda ya fara gudu. Daidai ne?

Injiniya Bello: A'a, Aminu. Ka bar ƙwayoyin sun tafi amma ka ƙwace kayansu ka ba faifai. Sun fice da 0.256 ɗinsu, kuma ko suna tafiya a miƙe cikin iska wannan kason yana tare da su, domin layin tafiyarsu bai bi ta tsakiya ba. Faifan 0.144 ya rage masa, 0.144 / 0.036 = 4. Ko ka dube shi ta fuskar turi, da ƙwayar ta rabu da sandar babu sauran abin da ke taɓa faifan, to me zai ƙara masa gudu? A 4 suka bar shi, a 4 zai ci gaba.

Aminu Tudun Wada: Haka ne. Na lura duk inda na kuskure, ƙwayoyin nake mantawa da abin da suke ɗauke da shi.

Bashir Funtua: Ku gafarce ni, na shigo a makare. Na taɓa gwada irin wannan a gida don nuna wa ƙannena. Na kwantar da wilin keke, na ɗaure sandar labule a kansa da waya, na zura manyan noti biyu kusa da tsakiya, kamar santimita 5. Matsala biyu na samu. Na farko, da na juya a hankali notin ko motsi ba su yi ba. Na biyu, da na juya da ƙarfi, ɗaya ya riga ɗaya fita, wilin ya kama rawa. Kuma gaskiya ban ga wani rage gudu na a zo a gani ba. Shin dokar ba ta aiki idan akwai gogayya ne?

Malam Sani: Tana aiki, Bashir, sai dai a bambance wace gogayya. Wadda ke tsakanin noti da sanda ta cikin gida ce, ba ta taɓa jimillar Iω. Za ta rage gudun sulalewa, ta ci enaji, amma a kowane nisa saurin juyi yana nan yadda lissafi ya ce. Wadda ke cikin boris ɗin wilin da ta iska su ne na waje, su ne ke zubar da momentom a hankali.

Rashin motsin notin kuwa, nauyinsu ne ya danne su a kan sandar. Noti ba zai fara zamewa ba sai ω²r ya wuce μg. Mu ɗauki μ, ma'aunin gogayyar, a matsayin 0.3 don misali. A santimita 5, ω² sai ya wuce kusan 59, wato ω kusan 7.7, sama da zagaye ɗaya a sakan. Ƙasa da haka gogayyar ta isa ta riƙe shi yana zagaye a inda yake. Kuma tunda noti biyu ba za su zama da santsi ɗaya ba, ɗaya zai riga kufcewa. Da ya fita ya rage wa wilin gudu, sai na biyun ya ƙara samun dalilin zama.

Injiniya Bello: Rashin ganin raguwar kuma, wilin ne ya fi ƙarfin notin. Wilin keke kusan duk nauyinsa a baki yake, rim da taya. A ce kilo ɗaya da rabi a nisan 0.3 m, inashiya ta haura 0.1 ke nan. Noti biyu masu giram 50 a nisan 0.3 m ba su wuce 0.009 ba. Raguwar ba za ta kai kashi 10 cikin 100 ba, ido ba zai kama ta ba. Cire tayar, ka nemo abin da ya kai rabin kilo kowane gefe, ka sa matoshi mai ƙarfi a bakin sandar, kuma yara su matsa baya.

Bashir Funtua: To rawar da wilin ya yi fa, ba ta ɓata lissafin?

Injiniya Bello: A takarda ba ta ɓata shi, sai dai ka saka nisan kowane noti daban, I = I₀ + m(r₁² + r₂²). Gindin zai sha ja ta gefe ɗaya amma jan ta tsakiya yake bi. A zahiri kuwa, idan gindin ba a kafe yake da kyau ba yana lilo, boris zai ƙara goga, kuma abin da ka riƙe shi da shi zai shiga lissafin. Nawa hakan zai ci a naka wilin, sai an auna.

Hauwa'u: Tambaya ta ƙarshe, don kashi na biyu na aikin ya ce a bayyana ƙarfin da ke tura ƙwayoyin waje. Me zan rubuta? Sentirifugal?

Malam Sani: Ni dai da ni ke dubawa, zan fi so ki rubuta cewa babu ƙarfin da ke tura su waje. Ga wanda ke tsaye a ƙasa, ƙwayar tana son tafiya a miƙe ne. Zaren ne ke jawo ta ciki yana tilasta mata zagaye, da jan mω²r = 0.2 × 100 × 0.1 = 2 N. Da ya tsinke babu mai jawo ta, sai ta nufi miƙewa, kuma miƙewa daga kan da'ira nisantar tsakiya ne. Sandar kuma tana biye da ita tana turinta ta gefe, fuskar turin tana juyawa, abin da yake gefe yanzu anjima kaɗan ya zama waje. Da haka gudun sulalewar ke taruwa.

Injiniya Bello: A nan ni da Malam za mu ɗan saɓa. Bayaninsa gaskiya ne, amma ban yarda a hana dalibi sentirifugal ba. Idan ka zauna a kan faifan kana juyawa da shi, ƙwayar a gabanka take tashi daga zaune ta nufi waje, kuma mω²r yana ba ka hanzarinta daidai, babu kuskure ko kaɗan. Turin gefen da Malam ya bayyana ma yana da suna a wannan mazaunin, shi ne wanda ya mayar wa ƙarfin Koriyolis martani, sunan Bafaranshen da ya yi rubutu a kansa a 1835, sai dai ana rage wani kaso saboda ω ɗin kansa yana sauka. Duk mai ƙera gwamnan da Oga Ɗanladi ke gyarawa da wannan lissafin yake aiki. Sharaɗin kawai ka faɗi inda kake zaune.

Malam Sani: Ban ce lissafin ba daidai ba ne, Injiniya. Abin da shekarun aji suka nuna mini shi ne, dalibin da ya saba da kalmar tun kafin ya iya bambance mazauni biyu, sai ka ga ya zana ta a hoton wanda ke tsaye a ƙasa, ya kuma ce ita ce ke daidaita jan zare har ƙarfi ya zama sifili. Daga nan komai ya rushe. Shi ya sa nake jinkirta ta.

Injiniya Bello: Ni kuma gani nake jinkirin ne ke sa su tsorace ta har su gama digiri. A koya musu mazaunin biyu rana ɗaya, da wannan faifan ma ya isa.

Zainab A.: Hauwa'u, ki rubuta duka biyun, kowanne ki fara da faɗin inda mai kallo yake. Ni abin da nake so in sani shi ne lokaci. Injiniya ya ba mu sakan 0.21 idan akwai mota. Idan faifan a sake yake fa? Na samu v² = 10 − 1/(0.09 + r²), na duba a r = 0.1 ya ba da sifili, a 0.4 ya ba da 6, amma na kasa haɗa shi ya ba ni t.

Injiniya Bello: Lissafinki daidai ne, kuma ba laifinki ba ne, ba ya fita da cosh ko wani abu mai sauƙi irin wannan. Na sa r = 0.1 cosh u don in kauce wa sifilin da ke farko, na raba tazarar gida huɗu na tara da hannu, na samu kusan sakan 0.24. Ya ɗan fi na mota tsawo, kuma haka ya kamata tunda faifan yana sanyi a hanya. Wani ya sake bi da ƙananan rabe-rabe ya gaya mana lamba ta uku.

Bashir Funtua: Ƙasa da rubu'in sakan ke nan. Shi ya sa ban ga komai ba sai ƙara. Ranar Asabar zan cire tayar in sake gwadawa da manyan ƙarafa, in manna farar takarda a bakin rim, in ɗauka da waya a hankali in ƙirga zagayen kafin su fita da bayan sun fita. Malam, inashiyar rim ɗin fa, yaya zan same ta ba tare da na kwance sifok ba?

Malam Sani: Auna nauyin wilin da nisan rim daga tsakiya, ka fara da mr² a matsayin iyakar sama, domin hob ɗin da ke tsakiya yana da nauyi amma kusan ba ya ƙara inashiya. Ko kuma ka juya tambayar, ka auna saurin kafin da bayan, ka bar I₀ ya zama abin da kake nema. Sai ka canza ƙarafan ka sake. Idan gwaji biyun suka ba ka I₀ kusan ɗaya, ka san boris ɗinka bai ci da yawa ba. Turo mana lambobin idan ka samu.